Yadda ake amsa sanarwar neman ma'aikaci a zauren unguwa da sakin layi ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An saka sanarwa a zauren WhatsApp na unguwarmu cewa wani kantin kayan masarufi a Kurna, a nan Kano, yana neman matashi mai riƙon amana, mazaunin kusa, wanda zai kula da lissafi da na'urar POS daga 8 na safe zuwa 8 na dare, kuma an ba da lambar da za a tuntuɓa. Ina da difloma, na kuma yi shekara biyu ina taya kawuna a shagonsa na Kasuwar Singa, kuma a Rijiyar Lemo nake zaune. Na sha amsa irin wannan sanarwa ba a kira ni ba. Me zan rubuta a gajeren sakin layi ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a zo kan abin da za ka rubuta, akwai batun inda za ka aika shi, domin a nan masu nema da yawa suke faɗuwa tun ba a karanta su ba. Tunda an ba da lamba, saƙonka ya tafi kai tsaye ga waccan lambar, kada ka zuba shi a cikin zaure. Sau da yawa wanda ya saka sanarwar ba shi ne mai kantin ba, an roƙe shi ne kawai ya tura, kuma mai yiwuwa mai kantin ba ya ma cikin zauren. Idan ka ga kalmar Forwarded a saman saƙon, to ka tabbata daga wani wuri aka ɗauko shi, don haka duk wanda ya rubuta "ina so" a ƙarƙashinsa, da jama'ar unguwa ya yi magana, mai ɗaukar aikin bai ji shi ba. Da a ce ba a ba da lamba ba, sai ka danne saƙon sanarwar ka zaɓi Reply privately, wanda zai kai ka ga mai sanarwar shi kaɗai, tare da nuna masa saƙon da kake amsawa. Wannan yana kuma rufa maka asiri, domin zauren WhatsApp yana iya ɗaukar mutum har 1024, kuma babu dalilin da zai sa dukkansu su san halin da kake ciki.

Na daɗe ina tantance masu neman aiki a kantuna da shagunan sari, kuma abin da zan gaya maka game da mai karanta saƙonka shi ne, a tsaye yake karantawa, tsakanin mai saye da mai saye, a waya, kuma saƙonninku sun taru masa da yawa daga lambobin da bai sani ba. Ba zai ɗauke ka aiki saboda sakin layi ɗaya ba, kuma kai ma kada ka ɗora wa sakin layin wannan nauyi. Aikinsa kawai shi ne ya sa mutumin ya ce maka ka zo gobe a gan ka. Abin da zai sa ya faɗi haka kuwa shi ne ka amsa masa abin da yake tsoro, kuma sanarwar da kanta ta faɗi tsoron. Mai kanti ba ya rubuta "mai riƙon amana" a farkon sanarwa sai don kuɗi za su riƙa bi ta hannun wanda zai ɗauka, wataƙila ma an taɓa yi masa gibi. Ba ya rubuta "mazaunin kusa" sai don ya san cewa yaron da yake hawa Adaidaita Sahu biyu kafin ya iso zai riƙa makara, kuma kuɗin mota zai cinye albashinsa har ya gaji ya bari. Saboda haka tambayoyinsa uku ne: shin ka taɓa riƙe kuɗin wani aka rabu lafiya, wa zai tsaya maka, kuma za ka iya buɗe kanti da ƙarfe 8 kullum? Diflomarka tana bayan waɗannan duka.

Saƙonnin da ba a kira masu su galibi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ba ya ɗauke da komai, kamar "Slm, ina buƙata" ko kuma sallama kaɗai, mutum ya yi shiru yana jira a amsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan yana ɗora wa mai kanti aikin yi maka tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba shi da wannan lokacin, alhali akwai wanda ya riga ya ba shi komai a saƙo guda. Na biyu shi ne wanda ya cika da roƙo: "Don Allah a taimaka min, na gama makaranta ba ni da aikin yi, ina da iyaye da ƙanne, ni mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, kowane irin aiki zan iya." Ban ce ƙarya yake yi ba, kuma mai kantin yana iya tausaya masa, amma ka dubi yadda maganar take sauka a kunnen wanda zai miƙa maka aljihun kuɗinsa. Abin da ya ji shi ne mutum mai matsananciyar buƙatar kuɗi yana neman a zaunar da shi a kan kuɗi. Sannan "gaskiya da ƙwazo" kalmomi ne da kowane mai nema yake rubutawa, har da wanda ya yi gibin da ya sa ake neman sabon yaro, don haka ba sa bambanta ka da kowa. Shi kuwa "kowane irin aiki zan iya" yana nuna cewa ba wannan aikin kake nema ba, aiki kawai kake nema, kuma ranar da ka sami wani za ka tafi.

Ga yadda nake ganin ya kamata naka ya kasance, bisa abin da ka faɗa min, sai ka sa sunanka a inda na sa Wane, ka kuma gyara duk abin da bai yi daidai da aikin da ka yi ba:

"Assalamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa. Sunana Wane, na ga sanarwar neman mai kula da lissafi da POS a zauren unguwarmu. Na yi shekara 2 a shagon sarin kayan masarufi na kawuna a Kasuwar Singa, ni ke rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, in karɓi kuɗi da tiransifa, in haɗa lissafi kullum kafin a rufe. A Rijiyar Lemo nake zaune, kusa da ku, kuma lokacin aikin ya yi min daidai. Kawuna zai tsaya min, za ku iya kiransa. Ina da difloma, kuma zan iya zuwa gobe da safe ku gan ni idan kun ba da izini. Na gode."

Wannan kimanin kalma ɗari ne, kuma yana shiga fuskar waya ba sai an ja ƙasa sosai ba. Idan saƙo ya yi tsawo, WhatsApp yana yanke shi ya sa Read more a ƙarshe, kuma mutumin da yake tsaye a kan ciniki ba lalle ya danna ba. Yanzu bari mu bi shi jimla jimla, domin kowace tana da aikinta.

Gaisuwar ta zama a cikin saƙon, a layi ɗaya da sauran maganar, kuma ta zama gajera. Idan sanarwar ta nuna mace ce mai kantin, ka ce Hajiya, idan kuma ba ka san ko wane ne ba, "ranku ya daɗe" ko sallama kaɗai ta wadatar, ya fi ka kira mace Alhaji. Ka lura kuma da "ku" na yi amfani a ko'ina, domin shi ne ladabin ƙarami ga babban da bai sani ba. Jimla ta biyu tana faɗin sunanka da aikin da kake nema da inda ka ga sanarwar. Mutane suna raina wannan jimlar, alhali lambarka kawai mutumin yake gani tunda bai ajiye sunanka ba, kuma mai yiwuwa a mako ɗaya yana neman direba ko mai dako, don haka dole ya san wane aikin kake magana a kai. Ambaton zauren unguwa kuma yana da nasa amfani, domin yana gaya masa cewa kai ɗan wurin ne, akwai mutanen da zai tambaya game da kai.

Jimla ta uku ita ce zuciyar saƙon, kuma a kanta ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. A tambayarka ka ce kana "taya" kawunka, kuma da ka rubuta wa mai kanti haka, zai iya ɗauka shara kake yi ko ɗaukar katan, ko kuma zama kawai kake yi a bakin shago. Abin da yake so ya ji shi ne ayyukan da hannunka ya yi, da sunayen da 'yan kasuwa suke kiransu. Wanda ya ce yana rubuta kayan da suka shigo sito da waɗanda suka fita, yana riƙe littafin bashi, yana haɗa kuɗin hannu da na tiransifa ya gwada su da cinikin ranar kafin a rufe, ya nuna ya san aikin ba tare da ya yabi kansa ba, domin wanda bai taɓa yi ba bai san a haka ake faɗa ba. Idan ka taɓa aiki da na'urar POS, ka faɗi irinta, ko ta Moniepoint ce ko ta OPay, saboda mai kantin ya san ba sai ya zauna koya maka ba. Idan kuma ka saba da tabbatar da cewa kuɗi sun shigo asusu kafin ka saki kaya, maimakon dogaro da rasit ɗin da mai saye ya nuna a wayarsa, wannan ya cancanci gurbi a saƙon ko da za ka cire batun difloma, domin alat na bogi yana cikin manyan abubuwan da suke damun masu kantuna a yau, kuma yaron da ya san da shi yana tsare wa maigidansa asara tun ranar farko.

Amma akwai iyaka a nan. Duk abin da ka rubuta, a ranar ganawa za a iya gwada ka a kansa cikin minti biyar. Mai kanti zai iya miƙa maka na'urar ya ce ka fitar masa da jimlar cinikin yau, ko ya ce an sayi katan 3 na taliya da rabin buhun sukari, an biya rabi da tiransifa, saura nawa, kuma yaya za ka rubuta. Idan a shagon kawunka ba kai ke riƙe POS ba, to ka rubuta abin da ka riƙe, ka ƙara da cewa ka san yadda na'urar take aiki kuma za ka kama da wuri. Kada kuma ka faɗi adadin kuɗin da suke shiga shagon kawunka a rana don ka nuna girman amanar da ka riƙe. Wasu suna ba da wannan shawara, ni kuwa ina ganin kuskure ce a kasuwarmu, domin ɗan kasuwar da ya ga ka fallasa cinikin kawunka ga baƙo zai san haka za ka yi da nasa.

Batun mazauni jimla ɗaya ce, amma ka ambaci sunan unguwar, kada ka tsaya a "ina kusa". Duk mai kanti a Kurna ya san Rijiyar Lemo maƙwabciyarsa ce a kan titin Katsina, don haka sunan kaɗai ya amsa masa tambayar makara da ta kuɗin mota. Faɗin cewa lokacin aikin ya yi maka daidai yana nuna ka karanta sanarwar har ƙarshe. Sai dai awa 12 a rana ba wasa ba ne, kuma idan kana da karatun yamma ko wata hidima da ba za ka iya bari ba, gara ka faɗa a ranar ganawa da ka karɓi aiki ka fara neman uzuri a mako na biyu.

Sai batun mai tsaya maka, wanda a irin wannan aikin ya fi takardar makaranta nauyi nesa ba kusa ba. A kasuwancinmu amana ta hannun mutum take bi, kuma abin da mai kanti yake so ya sani shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan wani abu ya faru. Kai kana da sa'a, domin mai tsaya maka shi ne wanda ka yi wa aiki, kuma ɗan kasuwa ne mai shago a wurin da za a iya zuwa a same shi. Amma ka nemi izininsa kafin ka aika saƙon, ka gaya masa wane kanti ne da wane aiki, domin babu abin da yake kashe magana kamar a kira mutum ya ce bai san da zancen ba. Kada kuma ka sa lambarsa a saƙon farko, ka bari sai an nema. Ka shirya wa tambayar da za ta biyo baya, domin tabbas za a yi ta: me ya sa ka bar shagon kawunka? Amsarka da tasa su zo ɗaya, kuma ta zama gaskiya, ko nisa ne, ko 'ya'yansa ne suka taso suka karɓi wurin, ko kana son aikin albashi. Ga wanda ba shi da irin wannan kawu, mai unguwa ko limamin masallacin da yake salla ko tsohon malaminsa suna iya tsayawa, matuƙar sun san shi da gaske kuma sun yarda. Wanda kuma bai taɓa aikin shago ba sai ya nemi wurin da ya taɓa riƙe kuɗin jama'a, kamar ma'ajin ƙungiyar matasa, ko karɓar kuɗin makarantar Islamiyya, ko sayar da katin waya da data, ya faɗe shi da irin wannan dalla-dallar.

Na ajiye difloma a ƙarshe da gangan, kuma cikin kalma uku. Sanarwar ba ta nemi takarda ba, kuma wasu masu kantuna suna ɗari-ɗari da wanda ya fara da jera takardunsa, suna ganin zai raina aikin ko kuma yana jiran aikin gwamnati ne. Da aikin koyarwa ne a makaranta mai zaman kanta, da takardar ce za ta zo a jimla ta uku. Saƙon ya rufe da abin da za a yi nan gaba, wato zuwanka gobe da safe, saboda amsar ta zame masa mai sauƙi, ya rubuta "to, ka zo" kawai.

Kada ka tambayi albashi a wannan saƙon, kuma kada ka rubuta cewa ko nawa aka ba ka za ka karɓa. Na farko yana sa a ga kuɗin ne kawai a gabanka, na biyu kuma yana karya maka farashi tun ba a zauna ba. Wurin maganar shi ne ranar ganawa, bayan an nuna ana son ka, kuma a nan za ka tambaya a fili: nawa ne, yaushe ake biya, akwai abincin rana, akwai ranar hutu, kuma idan lissafi bai cika ba yaya ake yi. Yana da kyau ka sani cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka a ƙaramin kanti abin da kuka daidaita a kai shi ne zai tsaya, kuma shi ya sa ya kamata a yi maganar a gaban mai tsaya maka.

Rubutu ya fi saƙon murya a nan, tunda aikin lissafi da rubutu ne, kuma saƙon da kansa gwaji ne na farko. Ka rubuta da harshen da aka yi sanarwar, ka cika kalmomi ba tare da gajarce su irin na hira da abokai ba, ka kuma rubuta shi a wani wuri ka karanta sau biyu kafin ka tura. WhatsApp yana ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da aikawa, amma yana nuna an gyara, kuma mai yiwuwa an riga an karanta. Ka kuma duba hotonka da sunan da ka sa a manhajar, domin su ne farkon abin da baƙo yake gani tare da lambarka, kuma laƙabin da abokai suke kiranka da shi ba zai taimake ka a wurin mai neman wanda zai riƙe masa kuɗi ba.

Kai ma kana da haƙƙin tantance mai sanarwar. Aikin gaskiya a kanti yana da wurin da za ka je da ƙafarka ka gani, kuma ba a biyan kuɗin fom ko na rajista kafin a gan ka. Kada ka tura lambar BVN ko ta NIN ko hoton katin shaidarka a saƙon farko, kuma duk wanda ya ce ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka don a sa ka a jerin masu ganawa, asusunka na WhatsApp yake son ƙwacewa. Idan sanarwar tana ɗauke da alamar Forwarded many times, babu sunan unguwa ko na kanti, ga kuma albashin da ya wuce hankali, ka fara tambayar wanda ya saka ta a zauren ko ya san mai ita. A naka lamarin abin ya zo da sauƙi, tunda Kurna kusa take, kana iya bi ta gaban kantin ka gan shi kafin ka aika komai.

Ka tura saƙon a ranar da ka ga sanarwar, da safe ko da rana, domin irin wannan gurbi yakan cike da mutanen farko da suka yi magana mai ma'ana. Bayan ka tura, kada ka bi shi da kira nan take ko da alamar tambaya. Idan kwana biyu suka wuce ba amsa, ka aika layi ɗaya mai ladabi, ka ce kana tuni ne game da aikin lissafi da POS, kuma har yanzu kana nan idan ba a ɗauki wani ba. Idan wannan ma aka yi shiru, ka je kantin da kanka a lokacin da ciniki ya lafa, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce kai ne ka turo saƙo daga Rijiyar Lemo.